Tambayoyin kwastoma sun yi yawa, ina so in mayar da su amsa ɗaya duk mako

Auwalu Wayarin: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Shekara tara ke nan ina aikin wayarin a nan Kano, kuma na lura rabin kiran da ake yi mini ba aiki ba ne, tambaya ce. Tambayoyin ma su ne dai na jiya da shekaranjiya: me ya sa breka ke faɗuwa, me ya sa katin mita ba ya daɗewa, inbata zai ja firiza, wace waya zan saya. Jiya da daddare sai da na yi wa mutum uku bayani iri ɗaya a waya. Shi ne na ce bari in riƙa ɗaukar tambaya ɗaya duk ranar Juma'a in amsa ta a sitatus ɗin WhatsApp da shafina na Facebook. Wata biyu ke nan ina rubuta duk abin da aka tambaye ni a bayan littafin da nake lissafin kayan aiki, idan aka sake maimaitawa sai in ja layi a gabansa. Ta breka ce ta fi kowacce yawan layi. Ga abin da na rubuta na farko, ku duba mini kafin in sake shi:

"Tambaya: Me ke jawo tirifin ɗin MCB? Amsa: Yawanci obalodi ne, wato breka ta yi wa lodin ƙanƙanta. Wani lokaci kuma shot ne. A tuntuɓe mu don gyara."

Oga Tanimu: Wa alaikumus salam. Auwalu, ni ban ga amfanin abin ba. Abin da muka sha rana muka koya a wajen iyayen gidanmu za ka zuba a titi kyauta? Gobe kowa ya ɗauko sukundireba ya ce shi ma ya iya. Wanda zai kira ka ya ba ka na mai, yanzu sai ya karanta ya yi shiru.

Baba Injiniya: Tanimu, bari maganar kasuwa tukuna, akwai abin da ya fi ta gaggawa. Auwalu, kada ka saki wannan rubutun a haka. Sake karanta shi da idon maigidan da bai san komai a wuta ba. Ka ce masa "breka ta yi wa lodin ƙanƙanta". Me kake zaton zai yi? Gobe da safe zai tafi Sabon Gari ya ce a ba shi babba. Zai cire mai lamba 20 ya sa mai 32, ko ya sa yaron unguwa ya yi masa. Breka za ta daina faɗuwa, zai ji daɗi, ya ma yi maka addu'a. Amma wayar da ke cikin bango tana nan yadda take, mai kaurin 2.5 ce, kuma idan tana cikin fayif abin da take ɗauka lafiya bai wuce amf ashirin da 'yan kai ba. Da brekar ce ke faɗuwa ta cece ta, yanzu ita wayar ce za ta riƙa gasuwa a ɓoye har robar ta narke. Na shiga gidaje da yawa da silin ya ci wuta ta wannan hanyar.

Wannan shi ne bambancin amsa a waya da amsa a rubuce. A waya kana jin muryar mutum, idan ya karkace ka dawo da shi. Rubutu kuwa zai je hannun wanda ba ka taɓa gani ba, kuma ba ka nan lokacin da zai yi aiki da shi.

Auwalu Wayarin: Wallahi Baba ban kawo wannan ba. Ni a raina nufina a rage kaya.

Baba Injiniya: Na san nufinka, amma ba shi ka rubuta ba. Abu na biyu, wa ya taɓa kiran ka ya ce "tirifin ɗin MCB"? Ka buɗe littafin naka ka faɗa mana ainihin kalmomin da aka yi amfani da su.

Auwalu Wayarin: Wadda ta fi kusa, wata baiwar Allah ce ta turo saƙon murya makon jiya. Cewa ta yi: "Malam Auwalu, wai me ya sa kullum da safe in muna shirin 'yan makaranta sai wutar kicin da falo ta ɗauke, ta ɗakuna kuma tana nan? Sai maigida ya je ya ɗaga abin nan, an jima ta sake faɗuwa."

Baba Injiniya: To ga tambayarka nan, kada ka gyara mata ko harafi, sunanta kawai za ka cire. Duk matar da ke fama da wannan, tana gani za ta ce ai gidana ake faɗa. Kuma ka lura ta riga ta ba ka rabin amsar da bakinta: da safe ne, ɓangare ɗaya ne, kuma ba nan take take faɗuwa ba, sai an jima. Ka je gidan?

Auwalu Wayarin: Na je. Soket ɗin kicin da na falo duk layi ɗaya ne, waya 2.5, breka an rubuta C20. Da safe suna kunna butar lantarki mai wat 2000, da hitar da ake tsomawa a bokiti mai 1500, da hotfilet mai 1500, yarinya kuma tana guga a falo da ayan mai 1200. Na haɗa ya ba ni wat 6200. Na raba da bolt 230 na wutar gida, ya fito kusan amf 27. Breka kuma 20 ce. Shi ya sa take jurewa na ɗan lokaci, idan ta yi zafi ta saki.

Shamsu Yaron Shago: Oga ku yi haƙuri, in ta wuce 20 ba nan take ya kamata ta faɗi ba? Ni haka na ɗauka.

Baba Injiniya: A'a ɗana. Hanya biyu ce a cikinta. Akwai wani siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ɗumama, shi ke kula da yawan kaya, kuma yana ɗaukar lokaci: in ƙarin kaɗan ne za ta iya yin mintuna da yawa ba ta faɗi ba. Sannan akwai maganaɗisu da ke fizge ta nan take idan waya ta haɗu da waya. Shi ya sa tambayar farko da nake wa kowa ita ce: kana ɗagawa take faɗuwa, ko sai an jima? Auwalu, wannan tambayar ita ya kamata ta zama ƙashin bayan rubutunka, ba sunayen Turanci ba.

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo tsakiya, na ga ana amsa tambayoyin wuta ne. Firij ɗina kwana biyu in na taɓa ƙofar sai ya ɗan ja ni, musamman in an wanke tsakar ɗakin. Maƙwabciyata ta ce in riƙa sa silifa. Haka ne?

Auwalu Wayarin: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba a fara amsa tambayoyin ba tukuna, shawara muke yi, amma taki ba ta jira. Ki kashe soket ɗin ki zare fulogin yanzu. Silifa ba magani ba ne, ke kaɗai zai ɗan kare, yaron da ya zo ƙafa ba takalmi da jiƙaƙƙen hannu fa? Wuta ce ke zuba a jikin ƙarfen, kuma alama ce wayar ƙasa ba ta aiki a wannan soket ɗin, ko ma babu ita. A samu mai wayarin ya auna firij ɗin da soket ɗin kafin a mayar.

Maman Ilham: To na gode, Allah ya saka. Na zare.

Baba Injiniya: Tanimu, ka ga abin da ya faru yanzu? Wane sirri Auwalu ya bayar? Bai koya mata buɗe komai ba. Ya raba ta da shawarar silifa, kuma gobe dole ta nemi mai gyara. Tambayoyin nan in ba mu amsa ba, maƙwabta ne za su amsa.

Oga Tanimu: Wannan na yarda. Amma akwai masu ɗaukar bidiyo suna nuna yadda ake buɗe akwatin breka, wace waya ke shiga ina. Shi nake ƙi.

Auwalu Wayarin: Ni ma ba zan yi wannan ba Oga. Ga iyakar da na sa wa kaina bayan maganar Baba: duk abin da mutum zai iya yi ba tare da ya kwance noti ko ɗaya ba, zan faɗa. Zare fulogi, karanta lambar da ke jikin kaya, ɗaga breka, duba mita, shinshina ƙauri. Da zarar an zo wajen da sai an ɗauko sukundireba, amsar ta ƙare, sai "kira mai aikin". Na sake rubutawa, ku gani:

"TAMBAYAR JUMA'A TA 1

Wata uwargida ta ce: kullum da safe in muna shirin 'yan makaranta sai wutar kicin da falo ta ɗauke, ta ɗakuna tana nan. A ɗaga breka, an jima ta sake faɗuwa.

Hajiya, brekarki ba ta lalace ba, aikinta take yi. Kayan zafi ne suka taru a layi ɗaya. Ki duba ƙasan buta, da jikin ayan, da hita, za ki ga lamba da harafin W a gabanta. Ki haɗa na duk abin da ke kunne lokaci ɗaya. Breka mai lamba 20 tana ɗaukar kimanin 4600. A gidan da na je, buta da hita da hotfilet da ayan sun kai 6200.

Abin yi: a dafa ruwan wanka a kashe kafin a fara guga. Kada kayan zafi su wuce biyu a lokaci guda.

Abin da ba a yi: KADA A CANZA BREKA DA BABBA. Wayar cikin bango ba za ta iya ba, haka gobara ke tashi. In ana son kunna su duka tare, sai an ja wa kicin layinsa daban.

A kira mai wayarin idan: an zare komai amma tana faɗuwa da an ɗaga, ko ana jin ƙaurin roba, ko soket ya yi baƙi ko zafi. A irin wannan a bar ta a ƙasa, kada a yi ta ɗagawa."

Baba Injiniya: Yawwa. Yanzu ka yi magana. Abu ɗaya zan ƙara, ba a wannan makon ba: akwai gidajen da ke da breka mai ɗan maɓallin gwaji, an rubuta 30mA a jikinta. Ita ba yawan kaya take ji ba, zubar wuta take ji, shi ya sa da damina take yawan faɗuwa idan ruwa ya shiga fitilar waje ko injin jan ruwa. Kada ka cusa ta a nan, mutane za su ruɗe. Ka ajiye ta zuwa watan Yuli, lokacin kowa na fama da ita.

Nura Sola: Rubutun ya yi, amma ka manta babban dalili. Wutar da ake kawowa wasu unguwanni ba ta cika, kuma duk sanda bolt ya sauka amf hawa yake. Ni a ganina shi ke kayar da yawancin brekoki, ba yawan kaya ba. Na biyu kuma, Auwalu, mutanenmu ba sa karanta dogon rubutu. Ka yi bidiyon minti ɗaya kawai.

Baba Injiniya: Nura, maganarka gaskiya ce a wani waje, amma ba a wannan gidan ba. Kayan da ke da mota, kamar AC da firij da injin ruwa, su ne ke wahala su ja da yawa idan wuta ta yi ƙasa. Haka abin da ke bayan sitabilaiza: in yana fitar da wat 1200 alhali bolt 160 ke shigo masa, zai ja amf bakwai da rabi ko fiye, maimakon biyar da ɗan wani abu. Amma buta da ayan da hita, idan wuta ta yi ƙasa raguwa jan su yake, shi ya sa ruwan ke daɗewa bai tafasa ba. Matar nan duk kayanta na zafi ne. Taka tambayar ta watan Afrilu ce, lokacin da kowa ya kunna AC.

Nura Sola: Na karɓa a kan kayan zafi. Amma maganar bidiyo ina nan a kanta.

Auwalu Wayarin: Nura, na yi tunanin bidiyon. Matsalata biyu. Yawancin kwastomomina mata ne a cikin gida da dattawa, data tana musu tsada, kuma na ga saƙon murya suka fi saurara. Sannan lamba irin 4600 in an ji ta a bidiyo ta wuce, a rubuce kuwa ana komawa a duba. Abin da nake gani shi ne rubutu da hoto ɗaya, hoton lambar W a gindin buta na zagaye ta da jan biro, sai in karanta shi da murya in tura wa waɗanda na san ba sa karatu.

Nura Sola: Ka gwada duka biyun wata ɗaya ka ga wanda aka fi tura wa wasu. Ni dai na san abin da zai fito.

Sa'idu Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni daga Maraɗi nake bin ku. Malam Auwalu, ka sani rubutunka ba zai tsaya Kano ba, sitatus ɗin 'yan Kano kullum yana zuwa mana ta hannun 'yan uwa. Ka kula da wajen fulogi. Naku mai ƙafa uku ne masu faɗi, da fis a ciki mai lamba 13. Mu nan mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, ba fis a ciki. Ranar da za ka ce "a duba fis ɗin fulogi", mutumin nan zai yi ta juya nasa bai ga komai ba. Ka riƙa faɗin cewa da tsarin Najeriya kake magana.

Auwalu Wayarin: Madalla Malam Sa'idu, zan sa layi ɗaya a ƙasa a duk inda abin ya shafa.

Shamsu Yaron Shago: Oga, in ka yi mako goma tambayoyin ba za su ƙare ba?

Auwalu Wayarin: Na ƙirga ashirin da uku a littafin, bayan na haɗe masu kama da juna. Kuma wasu in ka duba ba ɗaya ba ce. "Katina ba ya daɗewa" kaɗai ta kasu uku: wanda bai san hita da AC ke cinye masa ba, wanda kuɗin yunit ya tashi saboda layinsa na Band A ne tun ƙarin da aka yi a Afrilun 2024, da wanda wuta ke zuba ko wani ya jona a layinsa. Na ukun ma akwai gwajin da ba ya buƙatar kwance komai: ka kashe duk kayan gidan ka zare, ka tsaya gaban mita ka ga ko ɗan jan fitilar nan mai ƙiftawa ta tsaya. Mako uku ke nan.

Abin da na fi so in bi shi ne lokaci. Da hunturu hita da buta. Daga Maris zuwa Mayu AC da sitabilaiza da batirin inbata da ke mutuwa tsakar dare. Kafin azumi firiza da ƙanƙara. Da damina bango mai ja da tsawa. Ta janareto da canji-oba kuwa ba ta da lokaci, ita zan sa ta biyu, don har yanzu ina ganin masu jona janareto kai tsaye a soket, wutar ta koma kan layin waje inda wani ke bisa fol yana aiki.

Baba Injiniya: Ka rubuta huɗu ka ajiye kafin ka saki ta farko. Makon da aiki ya kai ka Wudil ko Bichi ba za ka zauna rubutu ba, kuma in ka tsallake Juma'a biyu mutane sun daina jira. Sitatus kuma kwana ɗaya yake ya ɓace, don haka ka ajiye kowanne da lambarsa a waya. Ribar tana nan: wanda ya kira ka ƙarfe goma na dare da maganar breka, ka tura masa ta 1, ka ce in ya gwada bai yi ba ka zo da safe. Hoton gidan mutane kuma kada ka sa sai da izini, ko da na soket ne, mutane na gane tayil ɗin juna.

Oga Tanimu: To saura tambayar da ta fi kowacce, wadda ba ka ambata ba. "Nawa ne wayarin ɗaki uku da falo?" Za ka amsa ta a fili?

Auwalu Wayarin: Ita ce ta biyu a yawan layi, Oga, kuma ita ce ban san yadda zan yi da ita ba.

Oga Tanimu: Kada ka taɓa ta. Ka rubuta kuɗi yau, bayan wata uku nadin waya ya tashi, a zo maka da hoton rubutunka a ce kai ka faɗa. Mu ma ka ɓata mana ciniki, duk wanda muka yi wa kuɗi sai ya ce ai Auwalu ya ce kaza.

Nura Sola: Ni ina rubuta farashi da kwanan wata a jiki, kuma shi ke kawo mini mutane. Wanda ba shi da kuɗin ba ya ɓata mini lokaci.

Baba Injiniya: Naka kaya ne a kwali, Nura, fanel da batir. Wayarin kuwa gida biyu ba sa zama ɗaya. Ni da zan amsa, ba zan faɗi jimla ba, zan faɗi abin da ke sa kuɗin wani ya fi na wani: yawan soket da fitilu, a cikin bango ko a kai, ko AC da hita na da layinsu na waya 4, ko an kafa ƙarfen ating da ake haɗa wayar ƙasa da shi, da irin wayar. Akwai waya mai araha da jan ƙarfen fenti ne kawai, in ka kankare da wuƙa sai ka ga fari a ciki, alminiyom ne. Maigidan da ya san wannan zai gane me ya sa takardar wani ta zo rabin ta wani.

Oga Tanimu: Ko wannan ɗin ma, in ya nuna hoton wayar kada sunan kamfani ya fito.

Auwalu Wayarin: Ba zai fito ba. Maganar kuɗin na ɗaga ta zuwa gaba, sai na ga yadda huɗun farko suka tafi. Ta breka za ta fita Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci. Baba, in na rubuta ta canji-oba zan turo muku ku duba kafin nan.

Baba Injiniya: Turo. Ka haɗo da ainihin yadda mai tambayar ya faɗe ta.

Maman Ilham: Malam Auwalu, don Allah in ka zo kan ta firij ka sa maganar silifar, don ba ni kaɗai aka faɗa wa ba a layinmu.